Hoto tar, shafi mai sauri: yadda ake rage wa hotuna nauyi ba tare da an ɓata su ba

Hoto guda da wayar zamani ta ɗauka yakan kai mega 3 zuwa 5. A cikin wayar mai shi, wannan ba komai ba ne. Amma idan aka ɗora shi yadda yake a shafin intanet na wani shago ko wata ƙungiya, duk wanda ya buɗe shafin sai ya sauke wannan nauyin da forfensa, ko ya sayi kaya ko bai saya ba.

Matsalar ta fi ɓuya ga waɗanda ke gina shafukan. Sau da yawa ɗan gida ne da ke zaune a Faransa, Aljeriya ko Abijan yake haɗa wa ƴan uwansa shafin tallar kaya, kuma a kan wai-fai mai ƙarfi yake gwada shi. A wurinsa shafin na buɗewa nan take. Mai saye da ke Tasawa ko Madawa, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, shi ke zaman kallon farin allo har ya gaji ya fita.

Wasu kuma, don gudun nauyi, sai su matse hoton har ya dushe, tambarin shagon ya fito da datti a gefen haruffa. Duka biyun asara ce, kuma duka biyun ana iya kauce musu da kayan aiki na kyauta.

Lissafin da ke bayan jinkirin

A ɗauki misalin wani baduku a Damagaram da ke son nuna takalman fata kala goma a shafinsa. Wayarsa na ɗaukar hoto mai faɗin fiksel 4000 da tsayin fiksel 3000. Fiksel shi ne ɗan ɗigon launi mafi ƙanƙanta da ke haɗuwa da ƴan uwansa ya zama hoto, don haka kowane hoto a nan yana da ɗigo miliyan 12. A ce kowanne ya kai mega 4. Hotuna goma sun zama mega 40.

Sai a lura da wani bambanci da ke rikita mutane da yawa. Megan da ake saye a forfe megabait ne, shi kuwa gudun rezo da megabit ake auna shi, kuma megabait ɗaya daidai yake da megabit 8. Hoton mega 4 ke nan megabit 32 ne. A layin da ke gudun megabit ɗaya a daƙiƙa, hoto guda zai ɗauki daƙiƙa 32 kafin ya gama sauka, hotuna goma kuma fiye da minti biyar. Mai forfen mega 100 da ya buɗe shafin sau biyu, saura mega 20 kawai a hannunsa.

Abin takaicin shi ne, yawancin wannan nauyi ba ya zuwa idon mai kallo. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da dama na Tecno, Itel da Infinix faɗin allonsu fiksel 720 ne, waɗanda suka fi su tsada kuma galibi 1080. Idan hoton fiksel 4000 ya iso, wayar da kanta ke rage shi ya dace da allon. Mai kallo ya biya kuɗin ɗigo miliyan 12, amma abin da ya gani bai kai rabin miliyan ba.

Akwai kuma wahalar da wayar kanta ke sha. Kafin ta nuna hoto, sai ta warware shi a ƙwaƙwalwarta, inda kowane fiksel kan ci bait 4. Hoton ɗigo miliyan 12 zai cinye kusan mega 48 na ƙwaƙwalwa, komai ƙanƙantar fayil ɗinsa. Wannan na cikin dalilan da ke sa ƙaramar waya ta riƙa cijewa idan ana jan shafi mai manyan hotuna.

Kaifin hoto daga ɗauka yake farawa

Babu wata manhaja da za ta mayar da bayanin da kyamara ba ta kama ba. Saboda haka aikin farko shi ne zaɓen hoton asali mai kyau, kuma hanyar tantancewa mai sauƙi ce: a buɗe hoton a faɗaɗa shi da yatsu biyu har a ga ɗinkin takalmin. Idan zaren ya fito ɗaya-ɗaya, hoton ya yi. Idan ya narke ya zama layi guda mai hazo, ko hannu ya girgiza ko kyamara ta sa ido a wani wuri dabam, sai a sake ɗauka.

Haske na shafar kyau, yana kuma shafar nauyi. Hoton da aka ɗauka a cikin shago mai duhu yakan cika da ƙananan ɗigo masu kama da yashi. Manhajar matse hoto ba ta san cewa wannan yashin datti ba ne, sai ta yi ƙoƙarin adana shi, fayil ya ƙara nauyi a banza. Inuwar rumfa da hantsi ko bayan la'asar ta fi dacewa, domin hasken ya wadata kuma babu inuwa mai kaifi irin ta tsakar rana. A lokacin hunturu, goge ƙurar da ke kan gilashin kyamara kaɗai kan canja hoto.

Abin da ke bayan kayan ma yana da tasiri. Takalmi a kan farin ƙyalle ko bangon siminti zai fi sauƙin nauyi a kan wannan takalmin a bisa tabarma mai zane ko atamfa, domin wuri mai launi ɗaya yana matsuwa sosai, mai zane-zane kuwa ba ya yarda. Haka kuma gara mai ɗauka ya matsa kusa da ƙafarsa da ya ja zum da yatsa. A yawancin wayoyi, wannan zum ɗin yanka tsakiyar hoto kawai yake yi ya kumbura shi.

Tarko mafi yawan kama mutane shi ne WhatsApp. Idan badukun ya tura hoton ta hanyar da aka saba, manhajar za ta rage shi, dogon gefensa ya koma kusan fiksel 1600, ta kuma matse shi. Idan wanda ya karɓa ya sake matsewa, lalacewa ta hau kan lalacewa. Mafita ita ce a tura shi a matsayin Document, wanda ke isar da fayil ɗin yadda yake. Zaɓin HD da WhatsApp ya fito da shi a 2023 ya fi na da, amma shi ma yana matsewa. Hoton da aka sauko da shi daga Facebook ko aka ɗauka daga allon waya shi ma ya riga ya rasa wani abu. Ƙa'idar ita ce a ajiye hoton asali a wuri guda kada a taɓa shi, duk wani kwafi kuma daga gare shi za a fitar.

A yanka, a rage, sannan a matse

Matakai uku ne, kuma jerinsu na da dalili. Na farko yanka: a cire gefen da ba shi da amfani, takalmin ya cika hoton. A misalin badukun, hoton 4000 da 3000 ya koma 3200 da 2400 bayan an cire ƙasa da bango. Yana da kyau duka hotuna goman su zama da siffa ɗaya, misali faɗi huɗu tsayi uku, don su jeru daidai a shafin.

Na biyu rage girma, kuma a nan ne mafi yawan nauyin ke tafiya. Tambayar ita ce, a wane faɗi hoton zai bayyana? Wayar da allonta ke da fiksel 720 takan lissafa faɗin shafi a matsayin 360, sai ta yi amfani da ɗigo biyu na allo a madadin kowane ɗaya na shafi, don rubutu da hoto su fito sumul. Saboda haka hoton da zai cika faɗin wannan wayar yana buƙatar fiksel 720 kafin ya fito tar. Wayar mai 1080 tana buƙatar 1080. Hoton fiksel 1200 ya ishe su duka, har da yawancin kwamfutoci idan hoton na cikin jikin rubutu ne.

Hoton 1200 da 900 ɗigo miliyan ɗaya da dubu 80 ne, wato ya ragu fiye da sau goma sha ɗaya daga na asali, alhali a allon waya ido ba zai ga bambanci ba. Idan kuma hoton ƙarami ne a jerin kaya biyu-biyu, kowanne rabin allo yake ci, faɗin fiksel 400 ya wadatar a waya mai 720. Abin da ba a yi shi ne akasin haka. Hoton fiksel 500 da aka ja ya koma 1200 zai yi nauyi ya kuma dushe, domin manhajar ƙirƙiro ɗigon da babu su take yi.

Wasu masu buga takardu kan nace sai an sa hoto a kan 72 ko 300 DPI. Wannan lambar ta shafi bugawa a takarda. A allo, yawan fiksel kaɗai ake dubawa.

Mataki na uku shi ne matsewa. Tsarin JPEG, wanda aka amince da shi tun 1992, yana raba hoto gida-gida, kowane gida fiksel 8 da 8, ya zubar da ƙananan bayanan da ido bai cika lura da su ba. Lambar inganci, daga 0 zuwa 100, ita ke faɗa masa yawan abin da zai zubar. Wannan lambar ba kaso cikin ɗari ba ce. Tsakanin 100 da 80 nauyi na raguwa ƙwarai, ido kuwa da ƙyar ya ga canji. Ƙasa da 60 ne lalacewa kan fara fitowa fili. Don haka masu aikin kan fara daga 75 zuwa 80, su duba, sannan su ƙara ko su rage.

WebP, wanda Google ya fitar a 2010, yana yin aiki iri ɗaya da ƙaramin fayil. A gwajin da kamfanin da kansa ya wallafa, ya fi JPEG ƙanƙanta da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari a inganci ɗaya. Chrome ya daɗe yana karanta shi, Safari na iPhone kuma ya bi sahu a 2020, don haka yanzu kusan kowace waya na buɗe shi. Akwai kuma AVIF da ya fito a 2019, wanda sau da yawa ya fi WebP matsewa, sai dai wayoyin da suka daɗe ba a sabunta manhajarsu ba na iya kasa nuna shi. Ga ƙaramin shago, WebP ya isa.

Ba sai da kwamfuta ba. Squoosh, wanda injiniyoyin Chrome suka fitar a 2018, yana aiki a cikin wayar ta adireshin squoosh.app, kuma hoton ba ya barin wayar zuwa ko'ina. A zaɓi hoton, a kunna Resize a rubuta 1200 a faɗi, a zaɓi WebP, a sa Quality a kan 75. Wani layi zai raba allon biyu, asali a gefe guda, sabon a ɗaya gefen, nauyin kowanne na rubuce a ƙasa. Hoton kaya mai bango sumul kan faɗo tsakanin kilobait 80 da 200.

A ɗauki 150 don lissafi. A layin nan mai megabit ɗaya, hoton da ke ɗaukar daƙiƙa 32 yanzu zai sauka a daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗoriya. Hotuna goma sun koma mega ɗaya da rabi maimakon 40. Forfen mega 100 da hotunan ke cinyewa a buɗewa biyu da rabi, yanzu zai ɗauke su fiye da sau sittin.

Mai kwamfuta da hotuna masu yawa zai iya yin duk wannan da umarni guda na ImageMagick:

```
magick takalmi.jpg -auto-orient -resize 1200x -strip -quality 75 takalmi-1200.webp
```

Kalmar `-strip` tana goge bayanan da waya ke liƙa wa hoto a ɓoye, waɗanda ake kira EXIF: irin wayar, lokacin ɗauka, wani lokaci har da ainihin wurin da aka tsaya idan GPS na kunne. Ga wanda ke ɗaukar hoton kaya a tsakar gidansa, wannan batu ne na tsaro. Sai dai a cikin waɗannan bayanan ne wayar ke rubuta ko a tsaye aka riƙe ta ko a kwance. Shi ya sa `-auto-orient` ke zuwa da farko, ya juya hoton daidai kafin a goge. Idan aka manta da shi, takalmin na iya fitowa a kishingiɗe.

Yadda ake gane an wuce gona da iri

Matsewar da ta yi yawa tana da alamomi uku. Ta farko, ƙananan murabba'ai a wuraren da ya kamata su zama sumul, musamman a inuwa. Ta biyu, wani datti kamar sauro na shawagi a gefen abu mai kaifi, kamar bakin takalmi a kan farin ƙyalle. Ta uku, sararin sama ko bango ya rabu layi-layi maimakon launin ya sauya a hankali. Duk wadda aka gani, a koma kan hoton asali a ɗaga lambar da maki biyar ko goma.

Jan launi na da tasa matsalar. JPEG a yadda aka saba amfani da shi, da WebP mai zubar da bayani, suna adana haske dalla-dalla amma suna rage bayanin launi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, domin idon ɗan Adam ya fi kula da haske. A hoton fuska ko fili ba a lura. Amma jan zare a kan baƙar fata, ko jan rubutu a kan shuɗi, yakan yi kamar ya zuba. Ga kayan dukanci da surfani, inda zaren ne ake saye, irin wannan hoton ya cancanci lamba mafi girma ko da zai ƙara kilobait hamsin.

Tambari ba hoto ba ne

Duk abin da aka faɗa a sama na hoton kyamara ne. Tambari kuwa layuka ne masu kaifi da launuka kaɗan, wato daidai abin da JPEG ya fi ɓatawa. Bayan dattin gefen haruffa, JPEG ba ya iya barin bango a buɗe, shi ya sa ake ganin tambari a cikin farin akwati a kan shafi mai launi.

Tsarin da ya dace da tambari shi ne SVG, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da shi a 2001. Maimakon ɗigo, SVG umarni yake adanawa: ja da'ira a nan, cika ta da kore, ja layi daga can zuwa can. Wayar ce ke zana shi a duk girman da ake so, don haka fayil guda zai fito tar a kusurwar allon waya da kuma a allon talla na bakin titi. Tambari mai sauƙi yakan tsaya a ƴan kilobait kaɗan.

Duk wanda ya biya aka zana masa tambari, ya nemi mai zanen ya ba shi fayil ɗin SVG, ba hoton da aka turo ta WhatsApp kaɗai ba. Ya kuma bincika, domin wasu kan saka hoton PNG a cikin fayil su sa masa sunan SVG. Ana gane wannan ta hanya biyu: idan aka faɗaɗa shi sosai gefensa zai dushe, kuma nauyinsa kan kai ɗaruruwan kilobait. Idan ainihin zanen ya ɓata, manhajar Inkscape ta kyauta tana da Trace Bitmap da ke bin sawun hoto ta mayar da shi layuka. Tana yin kyau da tambari mai launi ɗaya ko biyu, amma daga ƙaramin hoto mai datti gara a sake zanawa.

Masu suna da Hausa na da ƙarin abin lura. Idan sunan shago na da ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ, kuma aka bar shi a matsayin rubutu a cikin SVG, wayar mai kallo za ta nemi irin salon haruffan da mai zanen ya yi amfani da shi. Idan ba ta da shi, sai ta sa wani, harafin mai lanƙwasa ya fito dabam da sauran ko ya zama ɗan akwati. Maganin shi ne a mayar da rubutun zane kafin a adana. A Inkscape ana zaɓar rubutun a danna Object to Path, a ta Faransanci kuma Objet en chemin. A ajiye kwafin da ba a mayar ba, domin bayan wannan ba a iya gyara rubutun.

Inda SVG bai samu ba, sai PNG, wanda ya fito a 1996. Ba ya zubar da komai kuma yana barin bango a buɗe. A fitar da shi ninki biyu ko uku na girman da zai bayyana: tambarin da zai ci faɗin 150 a shafi, a yi shi 300 ko 450. A Squoosh, zaɓin Reduce palette yana rage yawan launuka, kuma tambari mai launi uku ba ya buƙatar miliyoyi. Kuskuren da ake yi ta ɗaya ɓangaren shi ne adana hoton kyamara a PNG. Tun da ba ya zubar da komai, hoton 1200 da 900 na iya haura mega ɗaya.

Wuri guda da SVG ba ya aiki shi ne ɗan hoton da ke fitowa idan an tura adireshin shafi a WhatsApp ko Facebook. A nan JPEG ko PNG ake sawa, kuma girman da Facebook ya ba da shawara shi ne 1200 da 630.

Kowace waya da nata kwafin

Ko hoton 1200 ya yi wa waya mai 720 yawa. Ana iya fitar da kwafi uku a bar manhajar buɗe shafi ta zaɓa:

```
<img src="takalmi-800.webp"
  srcset="takalmi-400.webp 400w, takalmi-800.webp 800w, takalmi-1200.webp 1200w"
  sizes="(max-width: 800px) 100vw, 800px"
  width="800" height="600" style="max-width:100%;height:auto" loading="lazy"
  alt="Jan takalmin fata mai baƙin ɗinki">
```

Layin `srcset` yana jera kwafin da faɗin kowanne, `sizes` kuma yana cewa a ƙaramin allo hoton zai cika faɗi. Waya mai 720 za ta lissafa 360 sau biyu, ta ɗauki na 800. Mai 1080 za ta ɗauki na 1200. Hoton 800 da 600 bai kai rabin ɗigon na 1200 da 900 ba, don haka mai ƙaramar waya, wanda galibi shi ne mai ƙaramin forfe, shi ke samun sauƙin.

Lambobin `width` da `height` suna sa a keɓe wa hoton wurinsa tun bai iso ba. Idan babu su, rubutu kan yi tsalle lokacin da hoto ya sauka, mai karatu ya danna abin da bai yi niyya ba. Shi kuwa `loading="lazy"` yana hana sauke hoton sai mai kallo ya kusa isa wurinsa, don haka wanda ya duba takalma uku ya fita ba zai biya kuɗin duka goma ba. Amma kada a sa shi a babban hoton da ke saman shafi, domin jinkirta shi zai yi. Rubutun `alt` shi ke bayyana idan rezo ya yanke hoton bai zo ba, shi kuma manhajar makafi ke karantawa.

Masu amfani da WordPress sun huta da rubuta wannan da hannu, domin yana fitar da kwafi daban-daban da kansa, kuma tun 2021 yana karɓar WebP. Tun 2019 yana kuma rage duk hoton da ya wuce fiksel 2560. Sai dai 2560 ɗin ma ya ninka abin da waya ke buƙata, saboda haka rage hoto kafin ɗorawa bai faɗi ba.

Gwaji kafin a tura wa jama'a

PageSpeed Insights na Google, a adireshin pagespeed.web.dev, yana buɗe shafi kamar daga matsakaiciyar waya a layi mai jinkiri, ya lissafo hotunan da suka yi yawa da kilobait ɗin da za a iya ragewa a kowanne. Lambar da ta fi shafar hoto ita ce LCP, wato lokacin da abu mafi girma a allon farko ke ɗauka kafin ya bayyana. Ma'aunin Google shi ne kada ya wuce daƙiƙa biyu da rabi. Idan ya wuce, babban hoton sama ne wurin fara bincike.

Wanda ya gina shafin daga waje zai iya ɗanɗana abin da mutanen gida ke gani. A Chrome na kwamfuta, maɓallin F12 na buɗe kayan bincike, a sashen Network kuma akwai zaɓin rage gudu zuwa 3G. A sa alama a Disable cache, domin in ba haka ba kwamfutar za ta nuna hotunan da ta riga ta adana, shafin ya yi kamar yana da sauri. A ƙasan wannan sashen ana ganin jimillar nauyin da aka sauke.

Gwajin ƙarshe na gida ne. A tura wa wani ɗan uwa adireshin, ya kashe wai-fai, ya buɗe da layinsa na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom a wayar da bai taɓa buɗe shafin da ita ba, ya ƙirga daƙiƙa nawa hoton farko ya ɗauka. Sannan ya faɗaɗa hoton ya ga ko ɗinkin ya fito, ya duba ko haruffan tambarin suna nan daidai. Idan hoton ya makara, a sake duba faɗinsa kafin a taɓa lambar inganci, domin a nan nauyin ya fi taruwa. Idan kuma ya zo da wuri amma ya dushe, a koma kan hoton asali a sake fitar da kwafi da lamba mafi girma.